Ƙanena mai sikila gabansa ya miƙe tun asuba ya ƙi kwanciya, me za mu yi?

Auwalu Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da irin maganar da zan kawo, lalura ce ta sa. Ƙanena ɗan shekara 19 ne, yana da sikila. Yau tun wajen ƙarfe huɗu na asuba ya farka gabansa a miƙe, kuma har yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce bai kwanta ba. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa, sai da na shiga ɗakin na tarar da shi a durƙushe yana ta haɗa gumi. Ya ce ciwo yake masa sosai, ko wando ya taɓa wurin ba ya iya jurewa. Ya rantse mini bai sha komai ba, ba kuma sha'awa yake ji ba. Hajiya ba ta sani ba tukuna. Don Allah wanda ya san abin yi ya taimaka.

Alhaji Sani Mai Yadi: Wa alaikumus salam. Auwalu kwantar da hankalinka, wannan ƙuruciya ce da lafiya. Yaro ɗan sha tara ai dole. Ya riƙa azumin Litinin da Alhamis, ku kuma ku fara tunanin yi masa aure. Ya watsa ruwan sanyi zai sauka.

Sista Hauwa: Alhaji don Allah a yi mini afuwa, wannan ba lafiya ba ce, ciwo ne, kuma na gaggawa. Auwalu, ka ajiye wayar nan ka nemo Adaidaita ko mota yanzu yanzu. Awa bakwai kenan. Ku nufi babban asibiti mai sashen gaggawa da likitocin tiyata, kar ku tsaya a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa. Ka ɗauko katinsa na asibitin sikila. Ina aiki da masu sikila, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba.

Nasiru Kemis: Gaskiyar Sista ne, ba ƙuruciya ba ce. Amma kafin a tafi a samu ƙanƙara a naɗe a tsumma a ɗora masa, sannan a ba shi maganin kashe zafi mai ƙarfi ya samu barci. Da yawa idan aka yi haka yana sauka da kansa zuwa yamma.

Sista Hauwa: Malam Nasiru, banda ƙanƙara ga mai sikila. Sanyi na cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo, yana matse jijiyoyi jinin ya ƙara cushewa. Maganin zafi ba laifi, ya sha a hanya. Amma batun ya yi barci zuwa yamma, a nan ne ake asara. In ya kai yamma an tafi awa goma sha huɗu.

Dakta Bashir: Auwalu, ni likita ne a ɓangaren tiyatar mafitsara. Bi maganar Sista. Idan kun isa, kar ka ce wa mai karɓar kati "ba shi da lafiya" kawai, za a sa ku a layi. Ka ce mai sikila ne, gabansa ya miƙe awa bakwai yana ciwo. Sunan abin a asibiti firayafizim, ko wane likita ya ji zai san ba a jira da shi. Kar ya ci abinci daga yanzu, ko da za a buƙaci shiga ɗakin tiyata. Ku tafi, ka riƙa sanar da mu.

Auwalu Kurna: To Dakta, mun fito. Na ce wa Hajiya ciwonsa ne ya tashi. Jallabiya na sa masa.

Alhaji Sani Mai Yadi: Ikon Allah. Dakta ni fa ban gane ba. Mutane na kashe kuɗi suna neman wannan ƙarfin, shi kuma ya same shi a ce ciwo ne? Mene ne haɗarin a ciki?

Dakta Bashir: Ranka ya daɗe, bari in yi bayani tunda sun kama hanya. A cikin mazakuta akwai wasu sassa biyu dogaye, dama da hagu, cikinsu kamar soso yake. Idan namiji ya miƙe, jini ne ke shiga ya cika su, hanyoyin fitarsa su matse na ɗan lokaci. In bukata ta wuce, naman da ke cikin sassan nan sai ya tsuke, ya matso jinin waje, sabon jini ya ci gaba da zagayawa. To a wannan ciwon, jinin ya shiga amma ƙofar fita ta ƙi buɗewa. Tunda wurin ya cika tam, sabon jini ma ba shi da hanyar shiga.

Alhaji ka taɓa ganin yaro ya ɗaure yatsansa da roba? Da farko ya kumbura, sannan ya yi baƙi, ya fara zugi. In ba a cire ba yatsan mutuwa zai yi. Abin da ke faruwa kenan a ciki. Jinin da ya maƙale iskar oksijin ɗinsa tana ƙarewa, ya yi tsami, naman wurin ya shiga yunwa. Zugin da yaron yake ji kukan naman ne.

Shi ya sa muke ƙirga awanni. Duk miƙewar da ta kai awa 4 mun ɗauke ta ta gaggawa. Zuwa awa 12 naman ya fara kumbura daga ciki. Zuwa awa 24 ya fara mutuwa, kuma mafi yawan waɗanda suka wuce kwana guda a haka suna samun raunin mazakuta daga baya. In aka haura awa 36, da wuya ƙarfin ya dawo ko me muka yi, domin naman da ya mutu ba ya farfaɗowa, tabo ne mai tauri ke maye gurbinsa. Wato abin da ake gani kamar ƙarfi ya yi yawa, shi ne ke raba mutum da ƙarfin gaba ɗaya.

Alhaji Sani Mai Yadi: Subhanallahi. To in da yana da iyali fa, ba zai sauka ba in ya kusance ta?

Dakta Bashir: Ba ya sauka, Alhaji. Ko ya fitar da maniyyi yana nan yadda yake, sai ma ƙarin azaba. Masu aure da yawa da ke zuwa mana a makare, a wannan gwajin suka ɓata daren farko. Akwai wata alama ma da ke nuna bambancin: in ka taɓa, jikin mazakutar ya yi tauri kamar katako amma kan yana da laushi, saboda kan ba ya cikin sassan nan biyu.

Abba Dorayi: Ni ma mai sikila ne, shekarata 27. Abin nan ya fara mini tun ina aji uku na sakandare. Nawa ba ya daɗewa haka. Yakan tashe ni tsakar dare, ya yi minti arba'in, wani lokaci awa ɗaya ko biyu. Sai in tashi in yi fitsari, in sha ruwa da yawa, in yi ta zagaye tsakar gida ko in yi wanka da ruwan ɗumi, sai ya sauka. Na shafe shekaru ban faɗa wa kowa ba, har likitan da nake gani duk wata. Na ɗauka wani abu ne daban da ya shafe ni ni kaɗai, ban san yana da alaƙa da sikila ba. Daga baya har wajen mai ruƙiyya an kai ni, aka ce aljana ce ta aure ni.

Sista Hauwa: Abba, labarinka shi ne labarin yawancinsu. Wajen namiji ɗaya cikin uku masu sikila yana gamuwa da wannan a rayuwarsa, amma in ba mu tambaya da bakinmu ba, ba mai faɗa. Kuma irin naka mai zuwa yana tafiya gargaɗi ne. Sau da yawa babban, wanda ke ƙin sauka, yana zuwa ne bayan ƙananan sun yi ta maimaituwa. Na tabbata in an tambayi ƙanen Auwalu za a ji ba yau ya fara ba.

Nasiru Kemis: To ashe dai dabarun gida suna aiki. Abin da nake nufi kenan ɗazu.

Dakta Bashir: Suna da wurinsu, Malam Nasiru, amma a farko farko. Abin da Abba ya lissafa daidai ne: fitsari, shan ruwa, tafiya ko hawa da sauka a matakala, ruwan ɗumi, maganin zafi. Wannan aikin awa ɗaya ne zuwa biyu. Mai sikila in ya kai awa biyu bai sauka ba, ya fara shirin asibiti, don ya kasance yana gaban likita kafin awa huɗu ta cika, musamman in gidansa da nisa. Wanda ya kai awa bakwai ya wuce wannan matakin. Kuma ina roƙon masu kemis, kar a yi wa irin wannan allurar barci a tura shi gida. Zafin zai lafa, naman kuma yana ci gaba da lalacewa yana barci.

Maman Khalifa: Dakta hankalina ya tashi. Ɗana shekararsa 9, shi ma SS ne. Yara ma yana samunsu ko sai sun balaga?

Sista Hauwa: Yana samun yara, Maman Khalifa, har 'yan shekara biyar ko shida. Yaro ba zai iya kwatantawa ba. Za ki ga ya farka da dare yana kuka yana riƙe gabansa, ko ya ƙi yarda a sa masa wando. Ki duba, kar ki ji nauyi. Kuma ki sa babansa ya zaunar da shi tun yanzu ya gaya masa cewa in hakan ta faru ba laifi ya yi ba, ya zo ya faɗa ko ƙarfe nawa ne. Wasu iyayen dukan yaro suke yi suna cewa iskanci ya fara, daga ranar ba zai sake faɗa ba.

Maman Khalifa: Na gode Sista. Allah ya saka. Yau ɗin nan zan yi wa babansa magana.

Auwalu Kurna: Mun iso, an shiga da shi. Sun sa masa ƙarin ruwa da oksijin, an ɗebi jini. Wani likita ya zo ya ce za su soka allura a gaban su zuƙe jini. Wallahi yaron ya tsorata, ni ma haka. Ba za a iya barin ruwan ya yi aiki ba tukuna? Wani a nan bakin ƙofa yana ce mini allurar ce ke kashe gaban mutum ya daina aiki.

Dakta Bashir: Ka sa hannu a yi, Auwalu. Ruwa da oksijin suna da kyau ga sikilarsa, amma ba za su kai ga jinin da ke kulle a ciki ba, sai an buɗe masa hanya. A da ana tsayawa kan ƙarin ruwa ko ƙarin jini a jira, an ga cewa jiran nan ne ke cin mutane, shi ya sa yanzu ake haɗa su lokaci guda.

Ga abin da za su yi, ka karanta masa. Da farko za su yi masa allurar kashe wuri a gindin mazakutar, bayan 'yan mintuna ba zai ji sukar ba. Sannan su sa allura mai ɗan kauri ta gefe. Ta gefe ake bi domin ta sama akwai jijiyoyin ji da na jini, ta ƙasa kuma hanyar fitsari ce. Gefe ɗaya ya isa, tunda sassan biyu a haɗe suke ta ciki. Sai a ja da sirinji. Jinin farko zai fito baƙi ƙirin, mai kauri, kar ka firgita in ka gani. Za a ci gaba da ja, ana tura ruwan gishiri na asibiti ana wanke cikin ana sake ja, har jinin ya koma ja sosai, wurin ya yi laushi.

In hakan bai wadatar ba, ko ya sauka ya sake tashi, sai a tura magani ta cikin allurar nan wanda zai sa naman ya tsuke. Wanda aka fi so shi ne fenilefirin, ana tsarma shi a riƙa ba da kaɗan kaɗan duk minti uku zuwa biyar, har zuwa kamar awa ɗaya. Inda babu shi ana amfani da adirenalin da aka tsarma sosai. Za ka ga suna ta auna jininsa da bugun zuciyarsa a lokacin, saboda maganin na iya ɗaga jini.

Shi kuma mutumin bakin ƙofa, na san inda ya samo maganarsa. Mutum ya zauna kwana biyu a gida, ya zo a yi masa allura, daga baya ya ga ba ya miƙewa, sai ya ɗora laifin a kan allurar. Alhali kafin ya zo naman ya riga ya mutu.

Auwalu Kurna: Na sa hannu. Ku sa mu a addu'a.

Alhaji Sani Mai Yadi: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Laminu Maraɗi: Salamu alaikum, ni daga Maraɗi nake. Dakta maganarka ta tayar mini da hankali, don in haka ne ni na riga na gama. Mako uku da suka wuce na faɗi da babur, ƙarfen ya buge ni a tsakanin ƙafafu, ƙasan maraina. Bayan kamar mako ɗaya sai na ga gabana ya ɗan miƙe ya zauna haka. Yau kwana goma sha biyu kenan. Ba ya mini ciwo ko kaɗan, kuma bai yi tauri can ba. Ba ni da sikila.

Nasiru Kemis: Innalillahi. Kwana goma sha biyu? Dakta ya ce awa 36 ma an makara.

Dakta Bashir: A'a, ku dakata. Laminu, yadda ka kwatanta, naka ya fi kama da ɗaya nau'in, wanda bai cika faruwa ba. Bugun da ka samu ya fasa wata ƙaramar jijiya a ciki, jini na kwarara cikin soson fiye da kima, amma yana fita, ba a kulle yake ba. Tunda sabon jini ne mai oksijin ke zagayawa, naman ba ya yunwa. Shi ya sa babu zugi, babu tauri sosai, kuma yakan bayyana kwanaki bayan faɗuwar kamar yadda ya yi maka. Irin wannan ba a rige-rige da agogo a kansa. Da yawa yana rufewa da kansa, in ya ƙi akwai aikin da ake toshe jijiyar da ta fashe.

Amma ba ni zan yanke maka hukunci ta waya ba. Ka je babban asibiti cikin kwana ɗaya ko biyun nan a yi maka hoton jijiyoyin wurin, ko a ɗan zuƙi jinin a gani. In ja ne mai haske, to shi ne. In kuma ya fara ciwo ko ya yi tauri, a ranar za ka tafi, ko dare ne.

Laminu Maraɗi: Alhamdu lillahi, na ɗan samu natsuwa. Gobe da safe zan je lopital in sha Allah.

Auwalu Kurna: Jama'a an gama, ya sauka. Wallahi jinin da na gani a sirinjin farko kamar baƙin mai. Sun cika sirinji uku kafin ya fara ja, sannan suka tura maganin sau biyu. Yaron yana ta sauke ajiyar zuciya, ya ce zugin ya tafi nan take. An naɗe wurin da bandeji, sun ce zai kwana a ga ko zai dawo. Kuma Sista kin yi gaskiya, da likitan ya matsa masa ya ce wata huɗu kenan yana tashinsa da dare, har sau biyu a mako.

Sista Hauwa: Alhamdu lillahi. Wurin zai ɗan kumbura ya yi duhu na 'yan kwanaki, ba komai ba ne. Abin da za ku sa wa ido shi ne taurin nan da zugi, in sun dawo ku kira nas nan take, kar ku ce bari gari ya waye. Kafin a sallame ku ka tabbata an haɗa shi da likitan jini, a faɗa masa zancen wata huɗun nan.

Auwalu Kurna: Dakta, tambayar da ya kasa yi da bakinsa: zai iya aure nan gaba?

Dakta Bashir: An sauke shi cikin kamar awa goma, kuma ya amsa allura ba tare da tiyata ba. Wannan alama ce mai kyau, mafi yawan masu irin wannan lokacin suna komawa daidai. Ba zan ba ka tabbaci ɗari bisa ɗari ba, domin ƙananan da suka yi ta zuwa su ma suna barin ɗan tabo a hankali. Nan da 'yan makonni shi da kansa zai gane, in yana samun miƙewar safe kamar da, tana kuma sauka. Aikin da ke gaba shi ne hana na biyu.

Garba Admin: Wani ɗan zauren nan ya turo mini saƙo ta gefe, ya ce in saka ba suna. Ga shi: "Ni magidanci ne, shekara 41, ba ni da sikila. Ranar Juma'a na sha wani haɗin maganin maza na kwalba da abokina ya ba ni, na ƙara da ƙwaya ɗaya. Tun daren ya miƙe. Yau Litinin. Jiya zafin ya fara raguwa, amma har yanzu da tauri. Tunda zafin na raguwa, ko alamar sauƙi ce?"

Dakta Bashir: Ɗan uwa, zan faɗa maka gaskiya domin ita za ta amfane ka. Raguwar zafi bayan kwana biyu alhali taurin na nan ba sauƙi ba ne, yawanci alama ce cewa naman da jijiyoyin sun gaji. Ka tafi asibitin koyarwa yau, ka riƙe kwalbar da kwalin ƙwayar. Irin waɗannan haɗe-haɗen sau da yawa ana zuba musu maganin bature a ɓoye ba a san adadinsa ba, ga shi ka ƙara wani a kai.

A kwana uku zuƙe jini kaɗai da wuya ya yi, domin jinin ya daskare. Mai yiwuwa sai an shiga tiyata a huda ta kan mazakutar, a buɗe hanya tsakanin soson da ya toshe da kan, wanda jininsa ke fita lafiya. Wannan zai sauke shi ya raba ka da ciwon. Amma batun ƙarfi, akwai yiwuwar ba zai dawo kamar da ba, kuma gara ka ji tun yanzu. Ko a haka ba a rasa abin yi ba. Akwai roba ta musamman da ake dasawa a ciki mutum ya ci gaba da zaman aure, sai dai tana da tsada, ba kowane asibiti ake yi ba, kuma ta fi sauƙin sawa da wuri kafin tabon ya ƙanƙance wurin. Za su kuma duba jininka, domin wani lokaci sankarar jini ce ke fara bayyana ta wannan hanyar, mutum yana zaton maganin da ya sha ne. Su tambaye ka sauran magungunan da kake sha, ka faɗa duka. Wasu magungunan taɓin hankali da na rashin barci, irin su kulofuromazin da tirazodon, suna jawo shi.

Alhaji Sani Mai Yadi: Amma Dakta kar a yi wa maganin gargajiya kuɗin goro. Iyayenmu sun sha gagai da sassaƙe ba mu ji wannan ba.

Nasiru Kemis: Alhaji na kwalbar yanzu ba irin na da ba ne. Ana kawo mana su kullum, ba lamba ba adireshi, wasu ma an rubuta na itatuwa ne zalla amma aikinsu cikin rabin awa. Wane sassaƙe ne ke haka?

Alhaji Sani Mai Yadi: Wannan kuma algus ne na 'yan kasuwa, ba laifin gargajiya ba. Ni dai ban yarda a haɗa su ba.

Garba Admin: Mai saƙon ya ce ya gani, zai nemi ƙaninsa ya kai shi. Ya ce abin da ya fi damunsa yadda zai yi wa matarsa bayani, don ya ce mata basir ne ya tashi.

Sista Hauwa: Ya fara zuwa asibitin tukuna. In ya so, likita zai zaunar da su tare ya yi bayanin, muna yin haka.

Abba Dorayi: Dakta ni tambayata kan rigakafi ce. An rubuta mini maganin sikila mai suna haidiroksiyuriya bara, na sha wata biyu na ajiye, saboda wani a ƙungiyarmu ta masu sikila ya ce yana hana haihuwa. Ina shirin aure bayan Sallah. Shi kuma abin yana nan yana zuwa, makon jiya ma ya yi kusan awa biyu.

Dakta Bashir: Maganar tana da tushe, Abba. Haidiroksiyuriya na rage yawan ƙwayoyin maniyyi ga maza da yawa, wasu yana farfaɗowa in an dakata, wasu ba sosai ba. Sai dai sikilar kanta tana rage shi, kuma babban firayafizim ɗaya da aka makara ya isa ya ɓata abin da kake ƙoƙarin karewa. Maganin yana rage tashin ciwon sikila ƙwarai, wasu kuma suna ganin miƙewar daren ta ragu da shi, ko da yake ba kowa ba. Akwai wasu hanyoyin. Akwai ƙwayoyi masu tsuke jijiya irin su etilefirin da ake sha kafin barci. Akwai ma inda likita ke ba da sildenafil, wato maganin ƙarfin maza na bature, ɗan kaɗan kullum da safe, ba lokacin kusantar iyali ba, don ya daidaita yadda wurin ke sauka. Wannan na ƙarshen kar wanda ya gwada da kansa daga kemis, kuma ba a fara shi lokacin da abin yake a miƙe. Magunguna masu rage sinadarin maza su ma suna aiki, amma ba su dace da mai shirin aure ko yaron da bai gama girma ba.

Sista Hauwa: Ni a ganina ya koma kan haidiroksiyuriyar. Na ga samari da yawa da rayuwarsu ta canja da shi, wasunsu kuma sun haihu.

Dakta Bashir: Ban ƙi ba Sista, amma da ni ne zan so a fara auna maniyyinsa yanzu da ya daɗe ba ya sha, a san inda aka tsaya, sannan shi da likitan jininsa su yanke. Abba, kana da ranar asibiti a kusa?

Abba Dorayi: Sai ƙarshen wata. Gwajin maniyyin nawa yake kamawa, kuma dole sai a asibitin koyarwa?

Dakta Bashir: Kuɗin ya danganta da wuri, ka tambaya a ɗakin gwaje-gwaje. Ba dole sai can ba, manyan ɗakunan gwaji na cikin gari suna yi, za su ce ka ƙaurace wa fitar da maniyyi kwana biyu zuwa bakwai kafin ranar. Amma wanda ya yi kusan awa biyu makon jiya bai kamata ya jira ƙarshen wata ba. Ka je ranar asibitin sikila ta wannan makon ko ba ranarka ba ce, ka faɗa wa nas ɗin da ke kan tebur dalili, za a saka ka.